Yadda ake taƙaita zazzaɓin cizon sauro a takarda ɗaya mai harshe biyu

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a makarantar koyon aikin lafiya, sashen lafiyar al'umma. An ba rukuninmu aikin haɗa takarda ɗaya, gaba da baya, da Hausa da Turanci, a kan abin da ke kawo maleriya, yadda take yaɗuwa da yadda ake kare kai, domin 'yan ajinmu da za su fita aiki a ƙauyuka. Bayanan da muka tara sun kai shafi goma, mun rasa abin da za mu zubar. Me ya kamata ya shiga, me ya kamata a bari?"

Wa alaikumus salam. Ka ajiye shafukan nan goma a gefe tukuna, ka ɗauki farar takarda ka zana da'ira. A jikin da'irar ka sa zango huɗu: ruwan da sauro ke haihuwa a ciki, cikin sauron kansa, hantar mutum, sai jinin mutum. A gefen kowane zango ka rubuta kwanakin da ake yi a wurin. Wannan da'irar ita ce ƙashin bayan takardarku. Duk bayanin da ka kasa nuna masa gurbi a jikinta, ba na wannan takardar ba ne, ko da gaskiya ne. Abin da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne jeri uku da ba su san juna ba: dalilai a sama, yaɗuwa a tsakiya, kariya a ƙasa. Mai karatu zai haddace su, amma ran da wata uwa ta tambaye shi dalilin da ya sa za ta ba yaro lafiyayye magani, ba zai iya ba ta amsa ba.

Abin da ke kawo ta

Jimla biyu sun ishe ka a nan. Ƙwayar cuta ce mai suna Filasmodiyum, mai rayuwa a jikin mutum da jikin sauro. Iri biyar ne ke kama ɗan Adam, amma a Najeriya da Nijar irin da ake kira falsifaram shi ne ke kawo fiye da kashi 90 cikin ɗari na cutar, kuma shi ne mai kisa. Sauran huɗun ka ambace su a layi ɗaya, ka ƙara da cewa biyu daga cikinsu, baibaks da obale, suna iya kwanciya a hanta su sake tashi bayan watanni. Ɗalibi yana bukatar wannan don jarrabawa, amma kada ya ci maka fili.

Abin da ya fi cancantar fili shi ne raba ƙwayar da mai ɗauko ta. Sauro ba ya ƙyanƙyashewa da cutar a cikinsa. Daga jikin mutum yake kwaso ta. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa warkar da mara lafiya da wuri kariya ce ga maƙwabta.

Yadda take yaɗuwa, da kwanakinta

Maimakon dogon bayani, ina ba ka shawara ka sa misali guda mai kwanan wata. Ga irin wanda nake nufi.

A ce a wani gida ne a yankin noman shinkafa na Kura, a jihar Kano. Ran 1 ga Agusta da dare macen sauro irin Anofilis ta ciji wani yaro ɗan shekara goma. Macen ce kaɗai ke shan jini, domin da shi take haɗa ƙwai. Yaron lafiyarsa lau, yana zuwa gona yana dawowa, amma a jininsa akwai ƙwayar a matakin da take iya shiga sauro. Irin waɗannan manyan yara da manya da suka sha fama da cutar har jikinsu ya saba, su ne rumbun da sauro ke ɗiba a ciki.

Sauron nan ba zai iya harbin kowa washegari ba. Sai ƙwayar ta hayayyafa a jikin tumbinsa, sannan ta ƙaura zuwa inda yawunsa ke fitowa, kuma wannan yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 a irin ɗumin daminarmu. To a ce ran 13 ga wata ya ciji ƙanwar yaron, 'yar shekara biyu. Ƙwayar ta bi jini ta shige hanta, ta yi kamar mako ɗaya tana ninkuwa. A wannan makon yarinya ba ta jin komai, gwajin jini ma ba zai nuna komai ba. Wajen 20 ga wata ƙwayoyin suka fito dubbai, suka shiga jajayen ƙwayoyin jini. Kowane awa 48 sukan fasa waɗanda suka shiga su faɗa wa sababbi, kuma fashewar nan ce ke kawo zazzaɓi da rawar sanyi, yawan fashewar kuma ya kawo ƙarancin jini. Zazzaɓin yarinyar zai bayyana tsakanin 23 da 28 ga Agusta, wato kwana 10 zuwa 15 bayan cizon. Idan ba a ba ta magani mai kyau ba, zuwa farkon Satumba ita ma jininta ya fara ɗauke da matakin da sauro ke kwasa, da'irar ta rufe.

Dubi abin da wannan misalin ɗaya ya bayyana. Ya nuna cewa cizon daren jiya ba shi ne ya kawo zazzaɓin yau ba. Ya nuna dalilin da ya sa asibitoci ke ci gaba da cika a Satumba da Oktoba alhali ruwa ya fara ɗaukewa. Ya kuma warware zancen da abokan karatunka za su ji a ƙauye, cewa ɗanyar gyaɗa ko sabuwar masara ce ke kawo zazzaɓi: lokacin fitowar sabon amfani ne ya zo daidai da lokacin da cutar ta kai ƙololuwa. Mutanen sun lura da lokacin daidai, sanadin ne suka ɗora a inda ba shi ba, kuma da wannan ladabin ya kamata a rubuta shi.

Akwai abu na huɗu, kuma a ganina shi ne mafi daraja a duk takardar. Yawancin sauro ba sa kai mako biyu a raye. Tsohon sauro ne kaɗai ke yaɗa maleriya, wanda ya ciji mai cutar sannan ya rayu kwana goma ko fiye. Saboda haka ba sai an ƙarar da sauro ba kafin cutar ta ragu. Rage masa tsawon kwana ma ya isa ya karya da'irar, kuma aikin da maganin jikin gidan sauro da feshin bango ke yi ke nan.

Sauran hanyoyin yaɗuwa, ƙarin jinin da ba a tantance ba, allurar da aka yi tarayya a kanta, da uwa zuwa jariri, layi ɗaya ya ishe su. Ka ƙara da cewa ba a ɗaukar ta ta tari, ta cin abinci tare, ko ta shan ruwa.

Ba kowane ruwa ba ne, ba kowane sauro ba

Nan ne takardu da yawa ke kuskure. Za ka ga an rubuta "a share kwata, a kwashe shara" a matsayin babbar kariya. Tsaftar kwata abu ne mai kyau saboda wasu cututtuka, amma sauron da ya fi haihuwa a baƙin ruwan kwata mai wari shi ne Kuleks, mai kuka a kunne, kuma ba ya yaɗa maleriya. Anofilis ɗinmu ya fi son ruwa marar zurfi, marar ƙazanta sosai, wanda rana ke duka: kwantaccen ruwan sama a kan hanya, sawun shanu, sawun tayar mota, ramin da aka haƙa don yin bulo, gefen kududdufi, fadama da gonar shinkafa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, mako ɗaya zuwa kwana 10 ne a lokacin zafi. Ma'anar wannan a aikace ita ce ruwan da ya bushe cikin kwana uku ko huɗu ba ya fitar da sauro, wanda ya kwana bakwai shi ne abin cikewa ko janyewa.

Ka ba ɗalibai hanyar ganewa da idonsu. Tsutsar Anofilis tana kwanciya a miƙe a ƙarƙashin fuskar ruwa, ta Kuleks kuwa tana rataye kanta a ƙasa. Babban Anofilis in ya sauka a bango yakan ɗaga bayansa sama, jikinsa ya yi tsaye a karkace, Kuleks kuma jikinsa na bin bangon. Ƙaramin zane na waɗannan biyun zai yi aiki a harsunan biyu ba tare da fassara ba.

Ka sa gargaɗi guda. An gano wani irin Anofilis daga Asiya, mai suna sitifensi, a jihar Gombe a 2020, kuma shi yana haihuwa a tankunan ruwa da randunan cikin gari. Don haka rufe mazubin ruwa ya shiga lissafi.

Kariya: kowace a gurbinta

Gidan sauro mai magani yana tsakanin sauro da mutum, kuma yana aiki ta fuska biyu: yana hana sauro kai wa lafiyayye cutar, yana hana shi kwasowa daga mai ita. Anofilis yana cizo ne daga faɗuwar rana zuwa asuba, ya fi tsananta cikin tsakar dare. Kada ka tsaya a "a yi amfani da gidan sauro". Rubuta yadda ake yi. Sabo a shanya shi a inuwa na awa 24 kafin a kwana a ciki, domin wanda ya shiga kai tsaye daga leda shi ne ke tashi da ƙaiƙayin fuska ya ce ba zai ƙara ba. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma. A wanke shi da sabulun wanka mai laushi, ba da omo ba, a shanya a inuwa. An ƙera shi ya jure wanki kamar 20, ya yi kamar shekara uku, kuma ƙa'idar rabo ita ce ɗaya ga mutum biyu. In ya huje a ɗinke. Lokacin zafi da ake kwana a tsakar gida, a fito da shi a ɗaura a can. Sauro a wurare da yawa ya fara jure wa maganin da aka daɗe ana sa wa gidan sauro, shi ya sa yanzu ake raba sababbi masu haɗin magani biyu. Ka faɗi wannan, amma ka biyo shi nan take da cewa ko tsoho ne, in bai huje ba, yana tare cizo.

Maganin damina na yara, wanda ake ba yara lafiyayyu don kare su daga maleriya, yana aiki ne a zangon jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012 domin yankuna irin namu, inda mafi yawan cutar ke taruwa a 'yan watanni. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya kowane kwana 28, zagaye huɗu a yawancin jihohin arewa mai nisa, galibi daga Yuli zuwa Oktoba, biyar a wasu wuraren da damina ta fi tsawo. Kowane zagaye na kwana uku ne. Ranar farko mai rabo yana ba da ƙwayar salfadoksin-firimetamin, wadda aka fi sani da fansida, tare da amodiyakwin, yaro ya sha a gabansa. Rana ta biyu da ta uku uwa ce ke ba da amodiyakwin a gida, kuma a nan ne aikin ke lalacewa: a manta, ko a ajiye sai yaro ya kwanta, ko a raba wa yayyensa. Takardarku ta faɗi wannan ƙarara. Ta kuma faɗi waɗanda ba a ba su: yaro mai zazzaɓi a ranar, wanda sai an gwada shi an yi masa magani, da mai shan saftirin, da wanda jikinsa ya taɓa ƙin magani mai salfa, da wanda ya sha ɗaya daga cikin magungunan biyu a makonni huɗun da suka wuce. Koma kan misalinmu: da yarinyar nan ta sha zagayenta na Agusta cikakke, ƙwayoyin da suka fito daga hanta ran 20 ga wata da sun tarar da magani a jininta.

Ga mai ciki, ƙwayar tana maƙalewa a mabiyiya, ta kawo ƙarancin jini ga uwa da haihuwar jariri marar nauyi, sau da yawa ba tare da zazzaɓi ba, kuma mai cikin fari ta fi shiga hatsari. Ana ba da fansida ƙwaya uku a sha a gaban ma'aikaciya a wurin awo, daga mako na 13, da tazarar aƙalla wata ɗaya, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ba a bayarwa a watanni ukun farko, ba a kuma haɗa ta da saftirin.

Allurar rigakafi tana tare ƙwayar ne kafin ta kafu a hanta. Akwai iri biyu, RTS,S da aka amince da ita a 2021 da R21 a 2023. Najeriya ta fara ba da R21 a Disamba 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa, ga yaro idan ya kai wata 5, wata 6, wata 7 da wata 15. Kariyarta ba cikakkiya ba ce, ba ta ɗauke wa kowa gidan sauro. Kafin ku buga, ku tambayi jami'in rigakafi na ƙaramar hukumar da za ku je ko an fara bayarwa a can, don kada takarda ta aika iyaye neman abin da bai iso ba.

Gwaji da magani su ma ka sa su ƙarƙashin kariya. Duk zazzaɓi a gwada shi cikin awa 24. Gwajin nan-take na ɗigon jini yana nuna sakamako cikin minti 15 zuwa 20, kuma yana iya ci gaba da nuna cutar makonni bayan an warke, don haka ba a auna warkewa da shi. Magani shi ne haɗin atemisinin, wanda ake rubuta ACT a jikin kwali, na kwana uku cikakku. Najeriya ta bar kulorokwin tun 2005 saboda ƙwayar ta daina jin sa. Alamomin hatsari ka sa su a akwati mai kauri: jijjiga, kasa sha ko kama nono, amayar da duk abin da aka ci, magagi ko suma, numfashi da ƙyar, tafin hannu fari fat, ido rawaya, fitsari baƙi. Mai ɗaya daga cikinsu asibiti za a kai shi a take.

Alƙaluma

Kaɗan sun isa, kowanne da shekararsa. A 2023, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, an samu kamuwa miliyan 263 da mutuwa 597,000 a duniya, kuma kusan kashi 31 cikin ɗari na mutuwar a Najeriya ne, kusan kashi 6 a Nijar. Sai binciken ƙasa na 2021, wanda ya sami ƙwayar a jinin kashi 22 cikin ɗari na yara, amma kashi 49 a Kebbi, ƙasa da kashi 3 a Legas. A nan ku yi hattara. Wannan adadin na yara ne masu wata 6 zuwa 59 da aka duba jininsu da madubin likita. Na sha ganin an mayar da shi "rabin mutanen Kebbi suna da maleriya", wanda ba haka binciken ya ce ba. Kuskuren yakan faru ne a ɓangaren Hausa, wajen ƙoƙarin gajarta jimla.

Harsunan biyu

Ku jera su kafaɗa da kafaɗa, sakin layi yana kallon ɗan'uwansa, maimakon Turanci a gaba Hausa a baya. Ɗalibin ya koyi darasin da Turanci, zai faɗe shi da Hausa, yana bukatar ganin biyun lokaci ɗaya. Hausa takan ɗan fi cin fili, to ku ba ta shafi mai faɗi kaɗan, kada ku yanke mata bayani. Kowace lamba, kowane wata da kowace togaciya su kasance iri ɗaya a ɓangarorin biyu.

Ku fara amincewa a kan gaskiyar da kowane sakin layi zai ɗauka, sannan mutum ɗaya ya rubuta na Turanci, wani ya rubuta na Hausa daga kansa. Kalmomi biyu ne za su iya jawo ɓarna ta gaske. "Zazzaɓi" shi kaɗai alama ce: taifot, ciwon haƙarƙari, ƙyanda da sanƙarau duk suna zuwa da shi. Ku rubuta "zazzaɓin cizon sauro" ko "maleriya" a kowane wuri, in ba haka ba takardar za ta koya wa mutane shan maganin maleriya a kan kowane zafin jiki. Ta biyu ita ce "rigakafi", wadda ake faɗa wa allura, ake faɗa wa maganin damina, ake faɗa wa fansidar awo. Ku bambanta su da cikakken suna kowane lokaci, domin uwar da ta ji an yi wa ɗanta "rigakafin maleriya" tana iya korar masu rabon maganin wata mai zuwa. Sunayen ƙwayoyin cuta da na magunguna kuwa, a ɓangaren Turanci ku rubuta su yadda suke a littafi da jikin kwali, domin da su ɗalibi zai nemi magani a ɗakin ajiya. Idan takardar za ta tsallaka Maraɗi ko Damagaram, abokin Hausar zai zama Faransanci, kuma jadawalin rabo da na allura sai an bi na Nijar.

Abin da takarda ɗaya ba za ta ɗauka ba

Kada ku sa yawan maganin warkarwa bisa nauyin jiki, ko yadda ake haɗa allurar atesunet ga mai tsananin ciwo. Wannan na littafin ƙa'idar jiyya ne, kuma rabin bayani a kansa ya fi rashinsa hatsari. Kwanakin da na ba ka a misali matsakaita ne, suna tsawaita da sanyi, suna kuma sauyawa ga wanda ya sha wani magani. Masu sikila suna da nasu tsarin kariyar da likitansu ke bi, layi ɗaya da zai tura su asibiti ya isa. Ku rubuta wata da shekarar da kuka haɗa takardar a ƙasanta, domin alƙaluma da jadawalin allura suna sauyawa.

Kafin bugawa ku yi gwaji biyu. Ku ba wani da bai ga na Turancin ba ya karanta na Hausa, ya faɗa muku da Turanci abin da ya fahimta, ku kwatanta lamba da lamba. Sannan ku karanta ɓangaren Hausa da baki ga mata biyu ko uku masu ƙananan yara, ku tambaye su: ranar da aka kawo maganin damina yaro yana da zafin jiki, me za a yi? Ƙwaya ta biyu yaushe ake ba da ita? Sabon gidan sauro a ina ake shanya shi, na tsawon wane lokaci? Sakin layin da aka kasa amsa tambayarsa, shi za ku sake rubutawa.